Yadda Ake Rubuta Waƙar Labari da Bakin Wanda Bai Yi Kama da Kai Ba

Marubucin waƙa yakan fara da abin da ya sani, wato kansa, amma akwai ranar da labarin wani zai kama shi, ya ga cewa ba zai yi daɗi ba sai an ji shi daga bakin mai shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tun muna yara mun ji kaka tana ba da tatsuniya, idan ta kai inda marainiya za ta yi waƙa sai ta sauya murya ta zama marainiyar. Wahalar tana zuwa ne idan aka ce a riƙe wannan muryar daga farkon waƙa har ƙarshenta ba tare da muryar marubucin ta ɓullo ba. Zan bi matakan aikin da misali guda, wato waƙar da na rubuta, ni da nake namiji ɗan birni mai shekara talatin da 'yan kai, da bakin wata tsohuwa 'yar ƙauye a ƙasar Kano a daren ƙarshe na takabarta.

Tantance mai magana, da wanda ake gaya wa, da lokacin

Matakin farko shi ne amsa tambayoyi uku kafin a rubuta ko ɗango ɗaya: wa yake magana, wa yake gaya wa, kuma me ya sa sai yanzu. Yawancin masu farawa suna amsa ta farko su tsallake sauran biyun, sai waƙar ta fito kamar jawabin da ake yi wa duniya baki ɗaya, alhali mutum ba ya buɗe cikinsa ga duniya, yana buɗe shi ne ga wani, a wani lokaci da ya matsa masa.

A tawa waƙar mai magana ta haura shekara sittin, ta yi sama da arba'in a gidan miji ɗaya. Takabar matar da ba ta da ciki wata huɗu ne da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, kimanin kwana 130 ke nan. Da na so, da na ajiye waƙar a ranar rasuwa ko ranar sadakar bakwai, amma a waɗannan ranaku gida cike yake da masu ta'aziyya, kuma tsohuwa mai kunya ba za ta ce komai ba ban da amsa gaisuwa. Na zaɓi daren ƙarshe, domin gobe za ta yi wankan fita, za a yi maganar gado, ɗanta na fari kuma ya zo da niyyar tafiya da ita birni. Abin da ba ta faɗa ba a wannan daren, a wannan ɗakin, ba za ta sake samun inda za ta faɗe shi ba. Wanda take gaya wa kuwa jikarta ce da ke taya ta kwana, yarinyar da barci yake fizga. Tsakanin kaka da jika akwai wasa da sakin fuska da babu shi tsakanin uwa da 'ya, don haka ga jika kaɗai maganar za ta iya fita, kuma kasancewar yarinyar tana gyangyaɗi ya ƙara wa tsohuwar ƙarfin hali.

Neman sani a wurin masu shi

Mataki na biyu ba a yin sa a kan tebur. Wanda bai taɓa zama a cikin halin da yake son rerawa ba dole ya je ya zauna da waɗanda suka zauna a ciki, kuma ya bi ta hanyar da ta dace. Namiji ba ya kutsa kai wurin mace mai takaba da tambayoyi. Na nemi waɗanda suka daɗe da fita, na fara da goggona, ita kuma ta haɗa ni da wasu tsofaffi biyu, na gaya musu tun farko cewa waƙa nake son rubutawa. Ina ba da shawarar a ji daga mutum uku aƙalla, saboda abin da uku suka haɗu a kai shi ne halin, abin da ɗaya ta keɓanta da shi kuwa sirrinta ne, ba a ɗaukar sa a sa a waƙa yadda maƙwabta za su gane ta.

Irin tambayar da ake yi ita ce ke raba mai samu da mai komawa hannu rabbana. Da na ce wa goggo, "Goggo, yaya kuka ji a ranku a lokacin?" sai ta ce, "Kai ɗan nan, sai haƙuri, dukkanmu can za mu." Wannan amsa gaskiya ce, amma ba a gina waƙa da ita. Da na sauya na tambayi abin da takan fara yi idan ta tashi da asuba, da yawan garin da take aunawa, da inda aka ajiye kayan mamacin, sai magana ta ɓalle. A nan na ji cewa hannu yakan daɗe bai koyi awon tuwon mutum ɗaya ba, kuma mace takan wayi gari ta ga ta cika butar alwalar maigida kafin ta tuna. Tambayar zuciya tana jawo amsar da aka saba bayarwa, tambayar hannu da kaya da lokaci ita ce ke fito da abin da ba a taɓa faɗa ba. A rubuta kalmomin yadda aka furta su, kada a gyara su zuwa Hausar makaranta.

Abin da bakinta ba zai faɗa ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma a nan ne na fi ganin waƙoƙi suna lalacewa. Mutum ba a gane shi da abin da yake faɗa kawai, har da abin da harshensa ba zai taɓa ɗauka ba. Don haka kafin rubutu a ja layi a tsakiyar takarda, a gefe ɗaya a jera kalmomin da mai maganar take amfani da su kullum, a ɗaya gefen a jera waɗanda ba za su fito daga bakinta ba ko da wuƙa a wuya.

A gefen farko na sa buta, akushi, mudu, ƙwarya, fura, fartanya, rumbu, kwalli da lalle. A gefe na biyu abu na farko da na sa shi ne sunan mijinta. Macen wannan zamani da wannan tarbiyya ba ta kiran sunan miji, sai dai ta ce Malam, ko maigida, ko ta ce "shi" kawai a gane. Haka nan ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Kalmomin soyayya irin na samari da 'yan mata su ma suna wannan gefen. Zubin farko da na yi, kafin in ja wannan layin, ya fara ne da cewa zuciyarta ta karye da rashin masoyinta, hawaye sun hana ta barci, har ta kira shi da sunansa. Da na karanta wa goggo sai ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai ba tsohuwa ba ce." Ta yi gaskiya, domin muryata ce na ɗaura wa zane da kallabi.

Da zarar an hana mai magana faɗin abu kai tsaye, dole ƙaunar ta nemi wata ƙofa, kuma ƙofar ita ce kaya da aiki. Daga nan amshin ya samu:

*Yarinya, kar ki yi barci yau,*
*Butar Malam na nan da ruwa.*

Babu kalmar so ko kewa a ciki, amma duk wanda ya san cewa Malam ya yi wata huɗu a ƙasa zai tambayi kansa wa yake cika butar.

Karin harshe ma yana cikin wannan lissafi. Da tsohuwar 'yar ƙasar Sakkwato ce, da sai ta ce "ɗiyata" inda Bakanuwa za ta ce "'yata", ta ce "shina" a maimakon "yana". Amma wanda bai iya karin wani wuri sosai ba gara ya ajiye labarin a inda kunnensa ya ƙware, domin kwaikwayon da aka yi rabi da rabi yana komawa kamar ba'a ga masu karin, ko da ba a yi nufin haka ba.

Sanar da mai sauraro tun a baitin farko

Akwai wata matsala a Hausa. Idan aka ce "ka tafi" ko "kin tafi", ko "ya tafi" da "ta tafi", an san jinsi, amma "na tafi" ɗaya ne ga mace da namiji. Mai sauraro kuma ba ya ganin takarda, murya yake ji, don haka idan namiji ne ya rera "na", zai ɗauka mawaƙin yana ba da labarin kansa ne. Hanyoyin magance wannan uku ne: a ba mace ta rera, ko a yi 'yar shimfiɗa da magana kafin kiɗa ya tashi, ko a sa baitin farko ya bayyana mai maganar da kansa. Ta ukun ta fi ƙarfi, kuma ko an bi ɗaya daga cikin na farkon bai kamata a bar ta ba. Ga yadda na buɗe:

*Na ƙirga wata huɗu ban fita ba,*
*Ban sa kwalli a idona ba,*
*Har yau ban koyi tuwon ɗaya ba,*
*Nasa ya kwana yana hucewa.*

Ba a ambaci takaba ba, ba a ce "ni ce matar da mijinta ya rasu" ba, domin ba wanda yake gabatar da kansa ga jikarsa. Amma wata huɗu babu fita, da barin kwalli, da tuwon da ya kwana, sun isa Bahaushe ya gane cikin baiti ɗaya. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: duk ɗangon da mai magana take faɗin abin da wanda ke gabanta ya riga ya sani, don kawai masu sauraro su ji, ɗangon marubuci ne, a cire shi.

Tsara labarin a kan abu ɗaya da aka ɓoye

Waƙar labari ba ta ɗaukar tarihin rayuwa. Baiti biyar ko shida masu ɗango huɗu, da amshi a tsakaninsu, sun kai minti huɗu idan aka haɗa da kiɗa da maimaici, don haka abin da ake da shi bai wuce ɗango ashirin zuwa ashirin da huɗu ba. A cikin wannan ɗan fili abu ɗaya ne zai iya faruwa da kyau. Na tsara nawa haka: baiti na farko halin da ake ciki yau, na biyu ɗan waiwaye kan zamansu, na uku abin da take ɓoyewa, na huɗu abin da ya biyo baya, na biyar gobe.

Abin ɓoyon shi ne ƙashin bayan waƙar, kuma ya kamata ya zama laifi ko rauni na mai maganar kanta. Wanda yake rubuta mutumin da ya fi shi shekaru ko ya fi shi shan wahala yakan ji nauyin ɗora masa aibi, sai ya mayar da shi waliyyi, waliyyin da aka ƙera kuwa ba ya taɓa zuciyar kowa. Tsohuwata ta yi fushi da mijinta a kan wani ƙaramin abu, ya yi mata sallama da safe ta ƙi amsawa, kuma bai dawo da ƙafarsa ba:

*Ya ɗau fartanya, sai gona,*
*Ya leƙo ƙofar ɗakina,*
*Haushin jiya ya riƙe bakina,*
*Ya ce "Na tafi", ba amsawa.*

*Na dama fura don in ba shi,*
*Kafin azahar aka kawo shi,*
*Yara huɗu ne suka ɗauko shi,*
*Ƙwaryar na can, ba dubawa.*

A lura cewa ba ta ce ta yi nadama ba, kuma ba ta ce ta yi niyyar ba shi haƙuri ba. Furar da ta dama ita ce ban-haƙurin, irin wanda macen da ba ta saba furta shi da baki ba take yi. A lura kuma cewa ba ta san abin da ya faru a gonar ba, domin ba ta can. Mai magana ba ta da ikon faɗin abin da idonta bai gani ba ko kunnenta bai ji ba, kuma duk inda waƙa ta shiga zuciyar mijin ko ta bayyana faɗuwarsa a kan kunyar gona, to marubuci ne ya karɓe magana. Bayan waɗannan baitoci biyu amshin bai sauya ko kalma ɗaya ba, amma ma'anarsa ta sauya, domin yanzu an san cewa ruwan butar bashi ne take biya. Amshin waƙar labari nagari shi ne wanda za a iya maimaitawa bayan kowane baiti ya ƙara nauyi.

Kari da amsa-amo

Sai bayan duk wannan ake zama a kan awo. Gaɓar Hausa iri biyu ce: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali kamar "da", da mai nauyi, wato mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe, kamar "bu" a buta, da "yau", da "kwal". Idan aka ba marar nauyi awo ɗaya, mai nauyi awo biyu, kowane ɗango a waƙata yana da awo goma sha shida, an raba shi gida huɗu, kowane gida awo huɗu, gaɓar ƙarshen ɗango kuma ana jan ta a ƙirga ta da nauyi. Wannan ya yi kusa da karin da masana aruli suke kira Mutadarak. Ga ɗangon amshi a rabe: bu-tar, Ma-lam, na-nan, da-ru-wa. Gidaje ukun farko gaɓa biyu ne masu nauyi, na ƙarshe biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi. Na zaɓi wannan kari ne saboda yawan gaɓoɓi masu nauyi yana sa magana ta tafi a hankali, irin tafiyar maganar tsohuwa da dare.

Wani lokaci kari da hali sukan yi karo. Na so ƙwarai tsohuwar ta kira jikarta "kishiya", kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu mata, amma kalmar tana da gaɓa mai nauyi, da marar nauyi guda, da wata mai nauyi, tsarin da ba ya zama a cikin gidan awo huɗu. Na koma ga "yarinya", na mayar da tsokanar cikin 'yar maganar da ake yi kafin kiɗa. Irin wannan sauyi ba laifi ba ne muddin kalmar da aka koma gare ta tana cikin jerin kalmominta. Laifin shi ne a ɗauko kalma daga gefen da aka haramta don kawai ta cika awo ko ta dace da amsa-amo.

Baitocin ƙwar huɗu ne, ɗango uku na farko suna da ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na huɗu kuma yana ƙarewa da babban amsa-amo "wa" har ƙarshen waƙa. Na zaɓi "wa" ne da gangan domin Hausa tana da ɗimbin kalmomin aiki masu wannan ƙarshe, don haka ba zai tilasta mini kalmar da tsohuwar ba ta sani ba. Wajen ɗora rauji kuma a kula da karin sauti, kada hawa da saukar waƙa su juya kalma, domin "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin sauti ne ya raba su. Kiɗan ma ya bi mai magana. Ƙwarya ko shantu, waɗanda kayan kiɗan mata ne na cikin gida, sun fi dacewa da wannan ɗaki fiye da kalangu, idan kuma a situdiyo za a haɗa, a rage kayan sauti yadda kalmomi za su fito sarai.

Baitin ƙarshe da gwaji

A baitin ƙarshe ne marubuci ya fi jin kwaɗayin shigowa ya yi wa'azi a kan haƙuri da zaman aure. Tsohuwar ba wa'azi ta zauna yi ba, tana da shawarar da za ta yanke kafin gari ya waye, kuma da ita waƙar ta rufe:

*Yaron nan ya ce sai birni,*
*Gobe da mota zai ɗauke ni,*
*Gado a raba, kar a jira ni,*
*Butar nan dai ban bayarwa.*

"Yaron nan" shi ne ɗan farin da ba ta kiran sunansa, ko da yake shi ma ya yi furfura. Wani malami da na karanta wa ya tunatar da ni cewa butar ma tana cikin dukiyar da za a raba, kuma matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne rabonta, wato kashi ɗaya cikin takwas. Ban sauya ɗangon ba, domin abin da za ta faɗa ke nan da daddare ga jikarta, da safe kuma ta roƙi a lissafa butar cikin rabonta, amma na ji daɗin sanin hakan, kuma duk waƙar da ta taɓo hukuncin addini ya kamata a kai ta gaban masani kafin a fitar.

Gwajin ƙarshe kashi biyu ne. Na farko, a rera waƙar ga wanda bai san komai game da ita ba, a tsaya bayan baiti na farko a tambaye shi wa yake magana, shekarunsa nawa, kuma a ina yake. Idan ya kasa amsawa, a koma kan buɗewar. Na biyu, a koma wurin waɗanda aka yi hira da su a rera musu, kada a tambaye su ko ta yi daɗi, domin kara za ta sa su ce ta yi. A tambaye su wace kalma ce ba za su faɗa ba. A baitina na biyu akwai inda tsohuwar ta ce sun yi hira da Malam a tsakar gida har dare ya raba, sai ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce a gidan da surukai suke ba a yin haka, sai dai idan ya dawo kasuwa ya ajiye mata goro a bakin taga bai ce komai ba. Na cire hirar na sa goron, na sake auna ɗangon har ya cika awo goma sha shida, sannan na koma na rera mata baitin daga farko.